Amsar Malam kan lissafin motoci biyu a hanyar Bauchi zuwa Gombe

Tambayar da aka turo: "Malam barka da yamma. An ce tsakanin Bauchi da Gombe kilomita 150 ne. Bas ta tashi daga Bauchi ƙarfe 7:00 tana gudun kilomita 60 a awa, ƙaramar mota ta tashi daga Gombe ƙarfe 7:30 tana gudun kilomita 90 a awa. Ƙarfe nawa za su haɗu, kuma a ina? Ni 8:30 nake samu, amsar littafi kuma 8:18."

Amsar Malam (an rubuta daga saƙon murya):

Assalamu alaikum 'yan aji. Barka dai ƙanwata, na ji tambayarki. Littafin ya yi daidai, 8:18 ne. Ki ɗauko biro da takarda, kowa ma ya ɗauko, don irin wannan ba a jin sa da kunne kawai.

Mu fara gwada 8:30 ɗin naki. Zuwa 8:30 bas ta yi awa ɗaya da rabi a hanya, 60 sau 1.5, kilomita 90 ke nan. Ƙaramar mota ta yi awa ɗaya cif, ita ma kilomita 90. Ki tara, 180. To hanyar gaba ɗaya 150 ce. Ashe zuwa 8:30 sun daɗe da gilma juna, har kowace ta ba wa 'yar'uwarta baya da kilomita 30.

Wannan gwajin da muka yi shi ne tushen lissafin. A daidai lokacin da motocin suka haɗu, tafiyar da bas ta yi da wadda ƙaramar mota ta yi, in an haɗa su, dole su cike tsawon hanyar, ba ragi ba ƙari. Ita kuma tafiyar kowace mota, gudunta ne sau lokacin da ta ɗauka tana tafiya. Ki lura na ce lokacin da ita ta ɗauka, domin a nan ne mutane suke faɗuwa, motocin ba tare suka tashi ba.

Saboda haka kafin ki rubuta komai, ki yanke shawara: t ɗin nan lokacin wa ne? Ki rubuta shi da kalmomi a saman takarda. Mu ce t awoyin da bas ta yi ne tun 7:00. Tafiyar bas ita ce 60t. Ƙaramar mota ta makara da rabin awa, don haka lokacinta bai kai na bas ba, t − 0.5 ne. Wasu suna sa t + 0.5 don sun ga 7:30 ya fi 7:00 yawa. A'a. Wanda ya tashi daga baya, zamansa a hanya ya fi gajarta, ɗebewa ake yi. In kika tara, za ki samu t = 0.7, wato 7:42, kuma a lokacin minti 12 kacal ƙaramar mota ta yi da barin Gombe, tsakaninsu da sauran kilomita 90.

To ga yadda za ki jera shi:

60t + 90(t − 0.5) = 150
60t + 90t − 45 = 150
150t = 195
t = 1.3

Wajen buɗe baka, 90 ɗin sai ya bugi duka biyun, ya bugi t ya kuma bugi 0.5, daga nan 45 ya fito. In ya tsallaka ɗaya ɓangaren sai ya koma tarawa, 150 da 45, shi ne 195.

Yanzu ga inda nake zaton 8:30 ɗinki ya fito. Kin samu 1.3, sai ido ya karanta shi awa ɗaya da minti 30. Ba haka ba ne. Awa minti 60 ce, ba 100 ba. Abin da ke bayan ɗigo sai an buga shi da 60: 0.3 sau 60, minti 18. Awa ɗaya da minti 18 a kan 7:00, 8:18 ke nan. In kuma ba ta nan kika bi ba, to kin tara gudun biyu kin samu 150, kin raba 150 da 150 kin samu awa ɗaya, kin ɗora a kan 7:30. Wannan ma 8:30 yake bayarwa, sai dai ya ɗauka kamar bas tana tsaye a tasha har 7:30, alhali ta riga ta ci kilomita 30. Ki duba takardarki ki ga wanne ne a ciki, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Sai tambaya ta biyu, a ina. Bas ta yi 60 sau 1.3, kilomita 78 daga Bauchi. Ƙaramar mota ta yi awa 0.8, sau 90, kilomita 72 daga Gombe. Tara 78 da 72, 150 daidai. Lissafi ya tsaya. Kuma don Allah ki rubuta "daga Bauchi" ko "daga Gombe" a jikin amsar, lamba tsirara ba ta gaya wa mai duba takarda komai.

Akwai hanya ta biyu, ni na fi son ta wajen tabbatar da amsa. Ki bar bas ta yi rabin awarta ita kaɗai, kilomita 30. Ƙarfe 7:30 saura 120 a tsakaninsu, kuma yanzu duka biyun suna tafiya. Kowace awa bas tana cin 60 daga wannan gefe, ƙaramar mota tana cin 90 daga wancan, kamar mutum biyu da suke noma kunya ɗaya kowa daga nasa ƙarshen. Tazarar tana raguwa da 150 a awa. Raba 120 da 150, 0.8, sau 60, minti 48. Amma wannan karon agogon daga 7:30 ya fara, saboda haka 7:30 da minti 48, 8:18 dai. In kika ɗora 48 ɗin a kan 7:00 za ki samu 7:48, aikin ya yi kyau amsar ta lalace. Shi ya sa na nace a rubuta daga ina t yake farawa.

Wani kuskuren da ake yawan gani a takardun ɗalibai shi ne a sa 30 a maimakon 0.5, a rubuta t − 30. Gudun da aka bayar na awa ne, don haka lokaci ma dole ya zama awa. Minti 30 ya koma 0.5, minti 15 ya koma 0.25, minti 20 kuma ki bar shi 1/3, kada ki mayar da shi 0.3. Wanda ya sa 30 zai samu t = 19. Awa 19 tsakanin Bauchi da Gombe! Bas ɗin nan ko ita kaɗai ce, 150 raba 60, awa biyu da rabi ta shiga Gombe, don haka duk amsar da ta haura haka ki soke ta tun kafin ki nemi inda aka kauce.

Abu ɗaya da za a kiyaye: ana tara gudu ne kawai in suna fuskantar juna. Da a ce duka daga Bauchi suka tashi suka nufi Gombe, ƙaramar mota tana bin bas a baya, ɗebewa za a yi, 90 ɗebe 60, tana rage ratar da 30 a awa. A can tafiyarsu ce za ta zo daidai da juna, 60t = 90(t − 0.5), wanda ya ba da t = 1.5. Kin ga 8:30 ɗinki ya dawo, amma amsar wata tambaya ce daban.

Kuma lissafin ya ɗauka gudu bai canja ba ko kaɗan, ba tsayawa shan mai a Alkaleri, ba sauke fasinja. In tambaya ta ce wata mota ta tsaya minti 15, sai a ɗebe 0.25 daga lokacinta, kamar yadda muka ɗebe makara.

Ga na gwaji ga kowa: a bar komai yadda yake, amma ƙaramar mota ta tashi 7:20. A turo min hoton aikin gaba ɗaya kafin sallar isha'i, da layin da aka rubuta ma'anar t a sama.