An cire mini sefa 13,120 a albashina na farko, kontabul ya ce kuɗin rajista ne

Tambaya: Ni akawu ce a wani kamfanin sufuri a nan Maraɗi, albashina jika 80. A takardar albashina ta farko, bayan kuɗin CNSS, wato Kes ta fansho da jin daɗin ma'aikata, da harajin albashi na ITS, na ga an cire sefa 13,120 a layin da ba shi da suna. Na tambayi kontabul, ya ce kuɗin rajistata ne a Kes, kowa haka ake yi masa, in sa hannu kawai. Na sa, amma hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron in matsa a sallame ni.

Amsa: Ɗiyata, adadin nan da kansa ya tona asirin abin da aka yi miki. Kason ma'aikaci a CNSS kashi 5.25 ne cikin ɗari, wanda a albashinki ya kama sefa 4,200, kuma na fansho ne. Kason mai kamfani kashi 16.4 ne: 8.4 na alawus ɗin iyali, 1.75 na haɗarin aiki, 6.25 na fansho. Idan kika buga 16.4 cikin ɗari na 80,000, abin da zai fito 13,120 ne cif, babu ragi babu ƙari. Ke nan nauyin da doka ta ɗora wa kamfani aka sauke a kanki, aka raɗa masa suna rajista.

Wannan magana ta "kuɗin rajista" ta ishe ni, domin kusan kullum sai wani sabon ma'aikaci ya kawo mini ita, yana faɗinta kamar doka ce. Yi wa ma'aikaci rajista a Kes wajibin mai kamfani ne, ba sayen lambar ake yi ba. Kason mai kamfani kuwa nasa ne shi kaɗai, ko da kin yarda da bakinki, ko da an rubuta a kwantaragi cewa ke za ki biya, wannan sharaɗin ba shi da ƙarfi a gaban doka. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tsofaffin ma'aikata ne ke yaɗa zancen, su ce wa sabon shiga ya yi haƙuri, su ma an yi musu. Da haka zalunci yake zama al'ada, har kontabul ya faɗe shi ba tare da ya ɗaga kai daga kwamfuta ba. Kada kuma ki ɗauka a watan farko zai tsaya, tun da kason nan kowane wata ake lissafa shi. Idan aka ci gaba, a shekara guda sefa 157,440 ne, wato kusan albashinki na wata biyu.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Ganin haruffan CNSS a takarda ba ya tabbatar da cewa kuɗin sun isa Kes. Inda aka saba ɗora wa ma'aikaci kason kamfani, ba abin mamaki ba ne a cire a riƙe, kuma mai haƙƙi ba ya ganewa sai ranar da ya ji rauni a bakin aiki, ko mace ta nemi haƙƙinta na hutun haihuwa, a duba a ce babu sunanta. Saboda haka ki nemi lambar rajistarki daga kamfani, ki ɗauki katin ɗan ƙasa da takardar albashin ki tafi ofishin CNSS na Maraɗi, ki tambaya ko an bayyana ki, kuma a kan wane albashi, domin wasu suna bayyana ƙasa da abin da suke biya.

Sa hannun da kika yi bai rufe miki ƙofa ba. A dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012, karɓar takardar albashi ba tare da ƙorafi ba ba ya nufin ma'aikaci ya yafe ragowar haƙƙinsa, sai dai neman albashi yana da wa'adin shekara biyu, don haka ba abin ajiyewa ba ne.

Ki koma wurin kontabul cikin ladabi, ba a gaban mutane ba, domin mai yiwuwa umarni aka ba shi. Ki ce: "Malam, na lissafa na ga adadin nan ya yi daidai da kason kamfani, ina roƙo a rubuta mini sunan cirewar da dokar da ta kafa ta." Idan ya ce kuskure ne, a mayar miki a albashi mai zuwa, a layi na daban mai suna, ba a miƙa miki a hannu ba. Idan ya yi ta jan ki, ki rubuta wa darakta wasiƙa kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naki. Wannan kwafin ne garkuwarki a kan tsoron da kike ji, domin idan aka sallame ki bayan haka, shi zai nuna dalilin. Idan wata ya ƙare babu amsa, ki kai shi tare da kwantaragi da takardar albashin gaban sufetan aiki, wanda zai kira ku sulhu kafin magana ta kai kotun ƙwadago.