Na kori yaron shagona, yanzu yana maganar kotu

Tambaya: Ina da shagon atamfa a Kantin Kwari. Yarona ya shekara 3 tare da ni, albashinsa Naira 60,000 a wata. Kaya suka riƙa ɓacewa, ran 20 ga wata na ce ya tafi, ban ba shi ko sisi ba. Yanzu ya ce zai kai ni ƙara. Yana da hakki a kaina?

Amsa: Alhaji, yana da shi, kuma shawarata ka biya tun magana ba ta yi nisa ba.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta hana ka rabuwa da ma'aikaci ba, amma sashe na 11 ya ce sai da notis. Wanda ya yi shekara 2 bai kai 5 ba, mako biyu ake ba shi, kuma a rubuce. Daga shekara 5 zuwa sama, wata guda. In ba ka son ya ƙara kwana a shagon, sai ka biya shi kuɗin kwanakin notis ɗin ya tafi. Rashin takardar ɗaukar aiki ba zai cece ka ba, don kai doka ta ɗora wa ba shi ita cikin wata 3 da fara aiki.

Kora nan take, babu notis, ta mai babban laifi ce, irin sata. To amma zargi ba hujja ba ne. Ka ƙirga kaya a gabansa? Akwai littafin shiga da fita, ko shaida? Ka tambaye shi, ka ji ta bakinsa? Abin da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta bincika ke nan, kuma tana da reshe a Kano. A shekarun nan kotun na neman mai gida ya kawo dalili ingantacce, kuma takan ƙara diyya idan an ɓata wa mutum suna ba hujja. A kasuwa irin Kwari, wanda aka kira ɓarawo wa zai sake ba shi makullin shago? Wannan ne ya fi damuna a lamarin.

Ga lissafin, a kan Naira 2,000 kullum. Kwana 20 da ya yi aiki, 40,000. Wannan guminsa ne, ko da satar ta tabbata. Mako biyu na notis, 28,000. Idan bai taɓa hutun shekarar ba, doka ta ba shi aƙalla kwana 6 da biya, wato 12,000. Jimilla 80,000. Giratuti kuwa sai in kun yi yarjejeniya a kai, haka ma jarin sallama: in ka yi masa alkawari gaban shaidu, zai iya nema. Mayar da shi bakin aiki ba kasafai kotu ke tilasta wa ɗan kasuwa ba.

Ka kira shi gaban shugabannin layinku, ka janye maganar sata in ba ka da hujja, ka biya ta banki, ya sa hannu a takardar cewa ya karɓi hakkinsa duka.