Kafin ka kwance rautar mai barin kamfanin intanet

Oga, wani kwastomanmu zai tashi daga gidan da yake, yana so ya bar kamfanin intanet ɗinsa. Ya ce in zo in kwance masa kayan. In cire rautar in miƙa masa kawai, ko akwai abin da zan lura da shi kada a ci shi tarar kaya daga baya?

Ɗana, kada ka taɓa sukudireba tukuna. Ka fara tambayarsa ko ya sanar da kamfanin, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa idan suka zare rauta daga soket suka daina biya, shi ke nan an rabu. A wurin kamfani kuwa layin yana nan a buɗe, bil yana ta taruwa wata bayan wata. Sai mai asusun da kansa ya kira ko ya rubuta musu ya ce a rufe, kai ba za su saurare ka ba tunda ba sunanka ne a kan yarjejeniyar ba. Idan ya kira, ya tabbata ya fito da abu uku a rubuce, ta imel ko saƙon waya: lambar shaidar soke yarjejeniyar, ranar da za a yanke layin, da jerin kayan da suke jira a maido musu tare da ranar ƙarshe ta maidowa. Ya kuma duba takardarsa ko wa'adin da ya ɗaure kansa da shi ya cika, galibi wata 12 ne ko 24. In bai cika ba akwai kuɗin fita da wuri, wannan kuma daban yake da tarar kaya, maido da rauta ba ya goge shi.

Jerin kayan nan shi ne ainihin aikinka, a nan nake so ka natsu. Kamfani bai san wani abu wai shi “rautar gidan wane” ba, lamba ya sani. Juya na'urar ka ga sitikar da ke ƙasanta ko bayanta. Za ka ga S/N, wato lambar da masana'anta ta ba wannan na'urar ita kaɗai, za ka ga MAC kusa da ita, wata lambar ce ta gane na'urar a kan layi. Ranar da aka haɗa layin, S/N ɗin nan aka rubuta a asusun mutumin. Ranar da kaya suka koma sito, ita ma'aikaci zai haska da na'urar karanta lamba, sannan a sauke ta daga asusun. In lambar da ta koma ba ita ce a rubuce ba, a idon kwamfutarsu mutumin bai maido da komai ba, ko da sabuwa fil ya kai musu.

Bari in buga maka misali. A ce mutumin ya kira ranar 3 ga Maris, yarjejeniyarsa ta ce sai an ba da sanarwar kwana 30, za a yanke layi ranar 2 ga Afrilu ke nan. Aka ba shi kwana 14 daga ranar yankewa ya maido da kaya, wato zuwa 16 ga Afrilu. Ya kai rautar da ke kan teburinsa ranar 5 ga Afrilu, hankalinsa kwance. A watan Mayu sai ga bil da kuɗin na'urar da ba a maido ba. Me ya faru? Shekarar da ta wuce rautarsa ta farko ta lalace, aka aiko masa da wata, tsohuwar ya jefa ta cikin durowa. Asusun yana ɗauke da lamba biyu, ya sauke ɗaya, ɗayar tana nan a wuyansa. Shi ya sa tun a waya nake sa kwastoma ya ce a karanto masa lambobin da ke asusunsa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina riƙe da na'urar ina bin sitika da yatsa. In lamba ta fito wadda ba ta gabanmu, a ranar za a neme ta. In kuwa ma'aikacin da ya canja ta ne ya tafi da tsohuwar bai sauke ta a asusu ba, to a gyara maganar tun layin bai mutu ba, lokacin da sauran mai sauraronsa.

Sai kuma ka rarrabe abin da ke na kamfani da abin da ke na mai gida. Rautar da ya saya da kuɗinsa tasa ce, ya tafi da abarsa. Wadda bil yake nuna kuɗin hayarta kowane wata, ko aka ba shi aro da layin, ta kamfani ce, haka ƙananan na'urorin ƙara ƙarfin wayfai da suka zo da ita. Ka haɗa da adaftar wutarta ta asali, wannan ce aka fi mantawa a bayan kujera, kuma wasu kamfanonin suna lissafa ta.

Wurin da nake jin tsoron hannun yaro shi ne gidan da ke da faiba. Akwatin nan da aka ɗaure a bango, wanda siririyar wayar gilashi take shiga, mai fitilun PON da LOS, shi ne ONT. Sau da yawa kamfani yana so a bar shi a bangon domin mai shigowa gidan a baya. In bai fito a jerin ba, kada ka kwance shi, cire shi ma yana iya jawo wa mutumin caji. In ya fito a jerin, ko kuma ONT da rautar a haɗe suke cikin akwati ɗaya, ka kama kan filogin ka zare a hankali, kada ka ja wayar, kada ka lanƙwasa ta, gilashin ciki karyewa yake yi. Ka rufe bakin da murfinsa, kuma kada ka kuskura ka leƙa cikinsa, hasken da ke fita ido ba ya ganinsa amma yana yi wa ido lahani.

Kafin ka kashe rautar, danna Reset da tsinke ka riƙe kamar daƙiƙa 10 zuwa 15 har fitilu su ɗauke su dawo, domin sunan wayfai da kalmar sirrin gidan su goge. Ka bari sai ranar da ya gama amfani da layin, kada ka bar shi ba intanet alhali ya biya kuɗin kwanakin.

Daga nan sai hujja. Ɗauki hoton sitikar yadda lambar za ta karantu sarai, ka ɗauki na kayan duka a jere, da na kwalin kafin a rufe shi. In ofishinsu za a kai, kada ya baro kanta sai da rasit mai ɗauke da S/N ta kowace na'ura da kwanan wata. Rasit ɗin da aka rubuta “rauta ɗaya” kawai ba ya kare kowa, ya roƙa a ƙara lambar ko da biro ne a buga hatimi. In aikawa za a yi, a yi amfani da takardar aikawar da kamfanin ya bayar, domin ita ce a haɗe da asusunsa, ya riƙe lambar bin sawun kaya har ta nuna an karɓa. Kada ya bar kayan a gidan wai mai gida ko sabon ɗan haya zai miƙa, kada kuma kai ka karɓa ka ce za ka kai in ka sami hanya.

Ka gaya masa ya adana rasit ɗin da hotunan ko da bil na ƙarshe ya fito babu bashi, domin tarar kaya takan zo a makare, wani lokaci bayan wata biyu ko uku. In yana biya ta cirewa kai tsaye daga banki, ya riƙa duba asusunsa a watannin nan. In cajin ya ɓullo, ya rubuta musu da lambar soke yarjejeniya, da S/N, da hoton rasit, ya nemi su sauke na'urar daga asusunsa su kuma aiko masa da shaidar cewa sun soke cajin.