CAPTCHA ta tare min sikirif, in biya masu warware ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na rubuta sikirif da Python da Selenium, kullum da dare yana kwaso min sanarwar guraben aiki daga wani shafi, feji kamar 3,000 cikin minti goma. Sati biyu lafiya lau, yanzu ko feji goma bai buɗe ba sai CAPTCHA ta fito. Wanda nake yi wa aikin ya matsa min lamba, wani a guruf ɗinmu kuma ya ce in biya masu warware CAPTCHA in haɗa da furoksi. Na rasa yadda zan yi, ina tsoron aikin ya kuɓuce min.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, sikirif ɗinka bai lalace ba, kuma da wuya aikin ya kuɓuce maka in ka bi ta ƙofa. Amma kuɗin nan kar ka biya.

Zo mu duba abin da masu shafin suke gani daga ɓangarensu. Minti goma sakan 600 ne, raba 3,000 a kai, feji biyar kenan duk sakan ɗaya, daga adireshin IP guda, a jere, na 1, na 2, na 3, ba tsallake ba komawa baya, linzami bai motsa ba, babu inda aka tsaya aka karanta layi ɗaya. Ni na sha zama a gaban irin wannan rajistar ta saba, ba ka buƙatar wata basira kafin ka gane, layukan suna zubowa da tazara iri ɗaya kamar an auna da awo. Ga shi kuma burauzar da Selenium ke tuƙawa da bakinta take faɗa, domin `navigator.webdriver` a cikinta `true` yake nunawa. Su reCAPTCHA v3 da Google ya fitar a 2018 ma ba sa jiran ka danna komai, maki suke ba kowane baƙo daga 0.0 zuwa 1.0, mai shafi ne ke yanke inda zai ja layi. Sati biyun da ka samu, ko dai ba a lura da kai ba, ko kuma sai yanzu suka kunna kariyar.

To ga inda mutane ke ɓata min rai, kuma kusan kullum sai na ji wannan maganar. Sun ɗauki CAPTCHA kamar wata matsalar fasaha ce irin ta kuskuren kod da za a yi wa gyara a wuce. Ba haka ba ne. Mai shafi ne ya sa ta da gangan, yana ce maka nan wurin mutum nake so, ban yarda da bot ba. Kafin ta fito kana iya cewa ban san ba a so ba. Ranar da ka biya aka warware maka ita, wannan uzurin ya ƙare, ka ga alamar hani ka tsallake da saninka, kuma in magana ta kai ga rufe akawun ko takardar lauya, abin da za a fara nunawa kenan. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma sharuɗɗan amfani na shafuka da yawa sun hana wannan ƙarara.

Shi mai ba ka shawarar a guruf ya faɗa maka me kake saye? Da yawa daga masu warwarewar nan mutane ne ake zaunar da su suna danna hotuna dare da rana a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Furoksin da ake ce wa na gida kuwa layin intanet ɗin wasu mutane ne ake bi da kai ta ciki, wasunsu ma ba su san an sa na'urarsu a harkar ba, wata manhaja suka sauke ta shigo da abin. In aka yi bulokin, adireshin bayin Allah ake rufewa. Kuma ko ka ce duk wannan bai dame ka ba, abin ba ya ɗorewa, yau ya yi aiki, jibi su canza kariya ka koma gidan jiya, wani lokacin ma ba za su tare ka ba, sai su riƙa ba bot ɗinka bayanan bogi kana kwasa kana kai wa mai aiki ba ka sani ba. Wannan ya fi CAPTCHA muni nesa ba kusa ba.

Abin da za ka yi, fara kashe sikirif ɗin yau, kar ka bar shi yana ta bugun ƙofa. Sai ka duba ko shafin yana da API, wato ƙofar da aka ware wa manhajoji su karɓi bayanai kai tsaye, galibi a ƙasan feji za ka ga Developers ko API, ko kuma RSS. Ka buɗe `/robots.txt` ka ga inda suka hana da inda suka bari, sau da yawa a nan za ka tarar da adireshin `sitemap.xml`. Don ka ga bambancin, ɗauki GitHub: ba tare da tokin ba, wato mabuɗin shaidar akawun ɗinka, buƙata 60 suke ba ka a awa, da tokin 5,000, kuma buƙata ɗaya tana iya dawo da abu 100 in ka sa `per_page=100`. In shafinka yana da irin wannan tsarin, abu 3,000 ɗinka buƙata 30 ne kacal, a tsare cikin JSON, ba burauza ba CAPTCHA.

Sannan ka tambayi kanka, guraben nan 3,000 duk sababbi ne kowane dare? Na tabbata a'a. Yawancinsu na jiya ne kake sake ɗaukowa. In akwai `lastmod` a `sitemap.xml`, ɗauki waɗanda suka canza kawai. In saba ta ba ka `ETag`, mayar mata da shi a `If-None-Match`, abin da bai canza ba za ta amsa da 304 ba tare da ta turo komai ba. In ka ga 429, cewa ake ka rage gudu, duba `Retry-After` ka jira. 403 kuwa sau da yawa hani ne, tsayawa ake a tambaya.

In babu API, rubuta musu imel. Mutane na raina wannan, alhali ita ce hanyar da na fi ganin ta yi aiki. Gajere, ka faɗi ko kai waye, wane bayani kake so, me za a yi da shi, sau nawa a rana, ƙarfe nawa, daga wane IP, ka kuma ce a shirye kake ka bi duk iyakar da suka sa. Ka sa wa bot ɗin suna na gaskiya yadda za su gane shi:

```
User-Agent: GurabenBot/1.0 (+https://example.com/bot)
```

Za su iya sa IP ɗinka cikin waɗanda aka yarda da su, ko su ba ka mabuɗi, ko su riƙa turo maka fayil ɗin CSV kullum, ko su ce sai an biya lasisi. Za su iya cewa a'a kuma. In sun ce a'a, ka bar shafin, ka nemi wata majiya, domin guraben nan kamfanoni ne suka saka su, da yawa suna da su a nasu shafukan.

Shi kuma mai aikin, ka same shi yau ka gaya masa gaskiya, shafin ya hana kwasa ta atomatik, ga imel ɗin da na tura musu, ga abin da za mu yi in sun ƙi. In lasisi ne shi zai biya, ba kai ba, kuma izinin ya fito da sunansa a rubuce, ka ajiye kwafi a wurinka.