Selulaitis a hoto: abin da ido zai gani da abin da sai an tambaya

Maigida barka da aiki. Wata mata ce ta turo min hoton ƙafar mijinta, ƙwaurin ya kumbura amma ni dai ban ga wani ja ba, wai zafi yake masa tun shekaranjiya. Ta yaya zan gane a hoto cewa selulaitis ne, wato ciwon da ƙwayoyin cuta ke jawowa in sun shiga ƙarƙashin fata, kuma yaushe zan ce maza su tafi asibiti?

Yauwa ɗana, ka daina jiran ganin ja ɗin nan tukunna. Jan da ake nuna muku a littafi na farar fata ne, a baƙar fata wurin ƙara duhu yake yi, wani lokacin kamar shunayya-shunayya, fatar ta ɗame tana sheƙi kamar an shafa mai. Shi ya sa hoton ƙafa ɗaya ba ya min amfani, ka ce ta jera ƙafafun biyu ta ɗauka a hoto guda, a hasken rana, ta kashe fitilar kyamara don tana wanke launi. Lafiyayyar ƙafar ita ce ma'auninka. Selulaitis kusan kullum ƙafa ɗaya yake kamawa, in ka ga duka biyun sun kumbura sun yi duhu iri ɗaya to ka fara tunanin matsalar jijiyoyin jini ko ruwa ne ya taru.

Ƙwayoyin cutar, galibi sitiref ko sitaf, sai sun samu ƙofa suke shiga ƙarƙashin fata, don haka ka nemi ƙofar. Ta buɗa tsakanin yatsun ƙafar ta ɗauko maka, nan ne mutane ke mantawa, fatar wurin ta jiƙe ta yi fari ta tsage. Ko faso a dunduniya, ko cizon ƙwaro da aka sosa.

To amma ɗumi hoto ba ya nuna shi, ciwo ma haka, wannan aikin hannunta ne. Ta ɗora bayan hannu a wurin sannan ta ɗora a daidai wurin a ɗayar ƙafar, ta faɗa maka wanne ya fi zafi, ta ɗan danna ta ga ko zai zabura. Sannan ta ɗau biro ta zagaye iyakar inda launin ya canja ta rubuta lokaci a gefe, bayan awa 2 ko 3 ta sake ɗauka daga tsayuwa ɗaya. Hoto ɗaya ba ya iya gaya maka abu na yaɗuwa, sai biyu. Kuma kar ka ce su zauna jiran hoto na biyun, in wurin da ɗumi da ciwo a ƙafa ɗaya to yau ɗin nan ya kamata a duba shi ido da ido a ɗora shi kan antibayotik, yawanci kwana 5 zuwa 7, ya riƙa ɗaga ƙafar a kan filo.

Akwai wani bawan Allah mai ciwon suga da har yau yana cikin raina. Ɗansa ya turo min hoto da rana, wurin bai wuce tafin hannu ba, ba wani abin tashin hankali, amma yaron ya ce baba kuka yake, ko zani ne ya taɓa wurin sai ya yi ihu. Wannan maganar ce ta tada min hankali, ciwon ya fi ƙarfin abin da ido ke gani. Na ce su tashi yanzu. Kafin su isa duhun ya tsallake layin biron da kamar yatsu uku, ga bororo mai jini-jini ya fito, daren nan aka shiga da shi tiyata aka yanke naman da ya mutu, don cutar ta riga ta nutsa tana cin naman ciki. Da hoton kawai na bi wallahi da cewa zan yi a bari sai da safe.

Saboda haka ka kira matar, kar ka tsaya rubutu. Tambaye ta zazzaɓi, in ya kai digiri 38 ko yana rawar sanyi, ko yana sambatu, ko numfashi sama-sama, to cutar na iya zama ta shiga jini, asibiti kai tsaye. Haka in akwai layi da ya miƙe daga wurin yana hawa cinya, ko kaluluwa ta fito, ko wani gefen ya yi baƙi ko ya daina jin taɓi. Mai suga, jariri, da wanda abin ya fito masa kusa da ido, waɗannan ba na jira da su ko kaɗan.

In kuma an fara magani, ranar farko duhun zai iya ɗan wuce layin biron, kar ka firgita su matuƙar zazzaɓi na sauka ciwon na raguwa. Amma awa 48 ta cika yana ci gaba, su koma. Af, ka kuma tambaye ta ko ya yi doguwar tafiya a zaune ko ya jima kwance yana jinya, don gudan jini a jijiyar ƙafa ma haka yake kumbura ƙafa ɗaya da ɗumi, shi kuma sai da sikanin ake raba su.