Hirar WhatsApp a Takardun Bizar Iyali: Kada a Goge "Yaya"

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham, ina haɗa takardun bizar matata da ke Zariya. Auren zumunci ne, 'yar baffana ce. Hirarmu ta WhatsApp duk da Hausa take, cike da guntayen kalmomi da imoji, kuma Yaya take ce mini. Wani ejan ya ce Bature zai ɗauka ƙanwata ce, in biya shi ya sake tsara hirar da Turanci mai tsafta. Baffa kuma ya ce ɗansa malamin Turanci ne, shi zai fassara, kada bare ya ga sirrin gida. Na haɗo muku hoto ɗaya. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka rabu da ejan nan tun yau. Abin da yake kira tsarawa ƙirƙirar shaida ce, kuma sunan da ke kan fom ɗin na matarka ne, ba nasa ba. Idan jami'in biza ya gano an sauya takarda, zai iya ƙin neman gaba ɗaya, tabon kuma ya bi ta duk sanda ta sake nema. Na taɓa ganin irin aikinsu: asalin hirar layi huɗu, fassarar layi tara, an cusa kalaman soyayya na Turawa da babu matar Bahaushe da za ta rubuta su surukarta na zaune a tsakar gida. Ba sai mutum ya ji Hausa ba kafin ya ƙirga layi.

Bari mu duba hoton da ka turo, yadda yake a allo:

Ita: Slm Yaya ykk ya sanyi
Kai: Lfy lau kanwata, baki sun tafi?
Ita: Eh. Wlh in baka kirani yau ba saina kasheka 😂
Kai: Tuba nake uwargida 🙏

Ni da na karanta, na ga miji da mata masu wasa da juna. Mai fassarar da ya bi kalma-kalma kuwa zai miƙa wa jami'i mace tana gaida wanta, tana barazanar kisa, shi kuma yana kiranta matarsa ta fari. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan fassarar, amma ta ɓata ku.

Guntayen kalmomin su ne mafi sauƙi. Slm sallama ce, ykk ya kake, lfy lafiya, wlh wallahi, haka ngd da sbd da gsky in sun fito. Mai fassara ya warware su zuwa cikakkiyar ma'anarsu da Turanci na hira, kada ya mayar da su kamar wasiƙar neman aiki. Wallahi a nan ƙarfafa zance ce kawai, don haka kada a yi mata doguwar rantsuwa irin ta gaban alƙali. Sai rashin ƙugiya: yawancinmu ba ma sa ƙ da ɗ da ɓ a waya, shi ya sa "baki" ke iya zama bakin cin tuwo, ko baƙin launi, ko baƙin da suka zo gaisuwa. "Sun tafi" ce ta nuna na ukun ne. Wannan ya isa dalilin da ba a yanke saƙo ɗaya a fassara shi shi kaɗai.

Yanzu Yayan da ya hana ka barci. Ba a goge ta, ba a musanya ta da "masoyina". Mai fassara ya bar kalmar yadda take, karon farko da ta fito ya sa ɗan bayani da aka nuna nasa ne: asalin ma'anarta babban wa, amma matan Hausawa kan kira miji da ita don girmamawa, musamman a auren dangi, tunda da yawa ba sa kama sunan miji. Haka ƙanwata. Kai ma a takardar bayaninka ka faɗa ƙarara cewa 'yar baffanka ce. Auren 'ya'yan wa da ƙane halal ne a dokar Ingila, ba abin ɓoyewa ba ne, ɓoyewar ce ma ke jawo zargi.

Kalmar da ta fi tsorata ni ita ce wadda ejan bai ko lura da ita ba: uwargida. Ƙamus zai ce matar farko cikin mata, dokar biza ta Birtaniya kuwa tana da tsauri a kan auren mace fiye da ɗaya. Idan matarka ita kaɗai ce, dole bayanin mai fassara ya nuna cewa a nan kirari ne na zolaya, kamar a ce ranki ya daɗe mai gidan. In akwai wajen da ta rubuta "ka sakeni" tana nufin ka ƙyale ta ta yi barci, shi ma a duba shi da kyau, kada a wayi gari takarda ta ce ta nemi saki.

Imoji ba a fassara su, ba a kuma zubar da su. A kwafe kowanne a ajiye shi daidai inda yake. Fuskar dariyar nan ita ce shaidar cewa "sai na kashe ka" wasa ne. Cire ta, magana ta zama ta 'yan sanda. Matasa kuma kan sa 😭 don dariya ta ci ƙarfinsu, to in ta zo a haka mai fassara ya faɗa a taƙaice.

Tsarin aikin ba shi da wuya. Kowane hoto ya nuna suna ko lamba a sama da ranar hirar, a ba shi lamba, fassararsa ta bi shi saƙo bayan saƙo da lokacin kowanne. Kai ne mai zaɓen shafukan da za ka bayar, amma shafin da ka bayar sai a fassara shi duka, har "hmm" da "toh". A shawarata shafi goma zuwa goma sha biyar da suka ratsa watanni sun fi ɗari na mako guda. Ka danna Export chat ka adana cikakkiyar hirar a wajenka ko da za a tambaya. Saƙon murya ba ya magana a hoto, don haka jerin kiran waya ya fi shi amfani. Hirar ma tallafi ce kawai ga takardar aure da shaidar zuwanka gida.

Batun Baffa kuma, ban goyi bayan shawararsa ba. Ƙa'idar Appendix FM-SE, sashen dokar bizar iyali ta Birtaniya da ke fayyace takardun shaida, tana son cikakkiyar fassara da za a iya tantancewa, mai kwanan wata, da shaidar cewa daidai take da asali, da cikakken suna da sa hannun mai fassara da hanyar tuntuɓarsa. Ɗan Baffa wan matarka ne ko ƙanenta, yana da nasa rabo a cikin maganar, kuma kunya za ta sa ya tausasa wasu wurare ya tsallake wasu. Sannan ina sirrin, in ɗan'uwanta na jini ne zai zauna yana karanta abin da take rubuta wa mijinta da dare? Baren da ba zai taɓa haɗuwa da ita a biki ba ya fi rufa mata asiri. Ka faɗa wa Baffa cikin ladabi cewa a wajen hukuma mai fassarar da ba dangi ba shi ya fi tsira, kada ka tsaya jayayya. Wadda ya kamata a nemi izininta ita ce mai hirar, kuma cikin ku uku ban ji wanda ya tambaye ta ba. Ku zaɓi shafukan tare da ita.

Kafin ka biya mai fassara, ka tura masa layukan nan huɗu a matsayin gwaji. Idan ya dawo yana tambayarka ko matarka ɗaya ce, ba shi aikin.