Kayan da Aka Bayar Babu Rubutu: Ta Ina Za a Fara Ƙwato Su?

Tambaya: Yayata tana sayar da atamfa a kasuwa. Ta daɗe tana ba dillalai kaya su kai gidaje, in sun sayar su kawo kuɗi, ba ta rubutawa. Yanzu rumfa ta kusa zama wayam, mai ba ta sari yana bin ta kuɗi, wasu dillalan kuma sun fara musu. Me za ta yi?

Amsa: Ta tsayar da ba da kaya tun yau, ko da turmi ɗaya ne, har sai ta san abin da ke waje.

Ga inda ɓarnar take. A ce tana saro turmi a kan naira 9,000, ta sayar 10,000. Ribarta 1,000 ce. Turmi ɗaya da ya salwanta a hannun dillaliya ya cinye ribar turmi tara. Idan turmi 20 ne a waje, uwar kuɗinta har 180,000 ce ke hannun mutane. Ba a ganin abin da wuri, don dillaliya tana kawo 5,000 yau, ta ɗauki turmi biyu gobe, sai a ga kamar ciniki na tafiya. Alamar ita ce kuɗin sari yana raguwa duk mako alhali kaya na fita.

Ta ƙirga abin da ya rage a rumfa, sannan ta bi dillalan ɗaya bayan ɗaya, da shaida guda, ba da faɗa ba. Ta bar dillaliya ta fara faɗin abin da ke hannunta da bakinta, domin in yayarki ta riga ta ambatar adadi, nan musu zai tashi. Abin da aka amince a kai a rubuta nan take, a sa hannu ko a dangwala. Kayan da ba a sayar ba, ta karɓo abinta ranar. Wadda ta musanta, a kai maganar gaban shugabannin kasuwa. Adadin da ta amsa a gaban mutane, ko bai cika ba, ya fi cikakken da babu hujja.

Shi kuwa mai sari, ta je ta same shi da kanta da wani abu a hannu, su yanka abin da za ta riƙa biya duk mako. Ɓuya ce ke toshe sari.

Daga nan sai littafi, kowace dillaliya da shafinta: rana, irin atamfa, turmi nawa, farashi, ranar biya. A rubuta kafin kaya su bar rumfa, a ɗauki hotonsu a waya. A kuma fayyace ko bashi ne ko dillanci, saboda a dillanci abin da bai sayu ba yana dawowa, a bashi kuwa kuɗi ake jira. In wata ta ce an raina ta, a tuna mata aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta ce a rubuta bashi. Wadda ba ta rufe tsohon lissafi ba, kada ta ɗauki sabon kaya.